Kwalba Biyu Kowane Dare: Abin da Giya Ke Yi wa Hanta, Abinci da Barci

Babbar kwalbar giya da ake sayarwa a Najeriya tana ɗaukar mililita 600, kuma in ka duba takardar da ke jikinta za ka ga ƙarfinta yana wajen kashi 5 cikin ɗari. Wato a cikin ruwan nan akwai tsantsar barasa mililita 30. Barasa ba ta kai ruwa nauyi ba, don haka in aka auna za ta ba da kusan giram 24. Wannan giram ɗin shi likita ke son sani. Sunan giyar da kuɗinta da inda aka sha ta ba su dame shi ba, domin sinadarin da ke bugarwa iri ɗaya ne a cikin giyar kwalba, da burukutu, da bammi, da ogogoro, da 'yar ledar nan da ake saye a tasha.

Na san mafi yawan masu karanta wannan mujalla ba sa sha, kuma hukuncin giya a Musulunci ba abu ne da ke buƙatar bayanina ba. Amma masu jin Hausa suna da yawa, akwai Kirista, akwai Maguzawa, akwai kuma wanda ke sha a ɓoye, iyalinsa kaɗai suka sani, ko ma ba su sani ba. Wanda ke jinyar ƙaninsa ko mijinta yana da haƙƙin ya fahimci abin da ke faruwa a cikin jikin da yake jinya.

Lissafin ba shi da wuya. Ka ɗauki yawan ruwan a mililita, ka ninka da ƙarfin da aka rubuta, ka raba da 100, sannan ka ninka da 0.8. Abin da ya fito shi ne giram na barasa. 'Yar kwalbar roba mai mililita 200 ta giya mai zafi, mai ƙarfin kashi 40, tana ɗauke da giram 64, ta fi manyan kwalabe biyu da rabi ke nan, alhali aljihun riga ma yana ɓoye ta. Magungunan da ake jiƙawa cikin barasa ana tallarsu da sunan maganin basir ko ƙarfin maza su ma suna cikin lissafi, ko da mai shan bai ɗauke su giya ba. Burukutu da ogogoro kuwa ba su da takarda. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido bai san komai ba, don ƙoƙo ɗaya na yau yana iya fin na jiya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Bari mu ɗauki misalin mutum guda mu bi shi har ƙarshe. Magidanci ne, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, in ya tashi daga aiki yakan zauna da abokai daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na dare, ya sha manyan kwalabe biyu da tsire ko farfesu. Ba ya tangaɗi, ba ya faɗa da kowa, da safe yana fita aikinsa. Shi a ganinsa ba mashayi ba ne. A lissafi kuwa yana shan giram 48 kowane dare, sama da giram 330 a mako.

Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, haka ma furotin na nama da wake. Giram ɗaya na mai yana ba da 9. Barasa tana ba da 7, ta fi sukari, ta kusa kamo mai. Giram 24 da ke cikin kwalba ɗaya ya ba da kusan kalori 170, ragowar sitacin hatsin da aka yi giyar da shi ya cika ta zuwa wajen 250. Kimanin ƙaramin cokalin shayi 15 na sukari ke nan. Kwalabe biyun mutuminmu kalori 500 ne, kashi ɗaya cikin biyar na abin da namiji baligi ke buƙata a yini, kuma ba a sa tsiren a ciki ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, kuzarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna. Barasa ma buɗe ciki take yi, ta kuma sassauta kamun kai, sai mutum ya ci abin da da idonsa biyu ba zai ci ba da tsakar dare.

Amma teɓar masu shan giya ba daga yawan kalori kawai take fitowa ba. Jiki yana da inda yake ajiye sukari, yana da inda yake ajiye kitse, ba shi da rumbun barasa. Guba ce a wurinsa, dole a kawar da ita nan take, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na aikin hanta ce ke yin sa. Ɗan abin da ya rage shi ke fita ta numfashi da fitsari da gumi. Hanta takan fara mayar da barasa wani sinadari mai suna asetaldehaid, wanda ya fi barasar kanta dafi, yana lalata ƙwayoyin halitta, yana kuma cikin dalilan da suka sa giya ke haddasa ciwon daji. Daga nan ta mayar da shi asetet, ɗan uwan sinadarin da ke cikin ruwan khal, wanda jiki ke iya ƙonawa ya sami kuzari.

Hanta tana da iyakar gudunta. A matsakaicin mutum takan sarrafa giram 7 zuwa 8 ne a awa guda. Baƙin shayi, kofi, wanka da ruwan sanyi, ko farfesu mai yaji ba sa ƙara mata sauri ko kaɗan. Giram 48 na mutuminmu zai ɗauke ta awa shida zuwa bakwai. A tsawon wannan lokaci halinta kamar na uwargida ne da wuta ta kama labulen ɗakinta tana tsakiyar girki: tukunya sai ta jira. Ƙona kitse ya ragu ƙwarai, man da ke jikin tsiren ya tafi ajiya, ita kanta hantar ta shiga ƙera sabon kitse tana tarawa a cikin ƙwayoyinta. Haka kuma aikinta na haɗa sabon sukari ta zuba a jini yakan tsaya. Shi ya sa wanda ya sha da yawa da yunwa a cikinsa sukarin jininsa ke iya faɗuwa har ya suma, mutane su ce maye ne su bar shi kwance. Ga mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage suga, wannan yana iya zama ajali.

Taruwar kitse a hanta ita ce matakin farko, kuma kusan tara cikin goma na masu sha da yawa suna da ita. Ba ta ciwo, yawanci sai an yi hoton ciki don wani dalili ake cin karo da ita. Albishir ɗin shi ne tana warwarewa. In mutum ya daina sha gaba ɗaya, cikin 'yan makonni kitsen yakan narke, hanta ta koma yadda take. Mutuminmu mai yiwuwa a nan yake yanzu.

In aka ci gaba, wasu sukan shiga mataki na biyu, kumburin hanta. Mai sauƙinsa a gwajin jini kawai ake gani. Mai tsananinsa yakan zo da shawara, idanu su yi rawaya, da zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kuma yana kisa cikin makonni. Duk inda kumburi ya daɗe, tabo ke biyo baya. Shekara da shekaru tabon yana yaɗuwa yana maye gurbin naman hanta mai aiki, har ta ƙanƙance ta yi tauri da gudaji-gudaji. Wannan ne likitoci ke kira sirosis, kuma yana samun wajen mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma na waɗanda suka daɗe suna sha da yawa. Me ya sa wani ya kamu wani ya tsira? Akwai gado, akwai ƙiba, akwai jinsi, domin mata sukan kamu da ƙaramin sha kuma da wuri. Shi ya sa labarin tsohon nan da ya shekara hamsin yana sha bai taɓa kwanciya asibiti ba, ko da gaskiya ne, ba hujja ba ne ga kowa.

Hanta tana da haƙuri fiye da kima, takan ci gaba da aiki ko da mafi yawanta ya lalace, saboda haka alamu kan makara. Jinin da ke fitowa daga hanji dole ya ratsa ta cikinta. Idan ta taurare, sai jinin ya rasa hanya, ya taru a baya. Ruwa ya cika ciki, ƙafafu su kumbura, saifa ta girma. Jijiyoyin da ke ƙasan maƙogwaro su kumbura, ranar da ɗaya ta fashe mutum ya yi ta aman jini, ko bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin. Dattin da hanta ta kasa tacewa ya hau ƙwaƙwalwa, sai a ga mutum yana barci da rana yana farke da dare, yana rikicewa, yana magana ba kan gado. A garuruwanmu da yawa a wannan matakin ake cewa sammu ne ko an ba shi wani abu ya ci, a shiga ɗura masa jiƙo iri-iri, hantar da ta riga ta gaji kuma ita za ta sarrafa su.

Akwai wani abu da ya sa lissafin Turai ba ya zama daidai a kanmu. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma mafi yawansu ba su sani ba, don tun suna yara suka kamu. Ga kuma gubar aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya. Kowane ɗayansu yana cin hanta shi kaɗai. In barasa ta haɗu da ƙwayar B, sirosis da ciwon dajin hanta sukan zo da wuri. Haka wanda ke shan maganin tarin fuka, ko mai haɗiyar farasitamol barkatai don ciwon kan safiya bayan daren sha. A ra'ayina, duk mai shan giya a wannan yanki da bai taɓa yin gwajin HBsAg ba, bai san matsayinsa ba tukuna, ko nawa yake sha. Gwaji ne mai sauƙi da ake yi da ɗan jini kaɗan. A takardar gwajin hanta kuma za ka ga AST da ALT da GGT. Idan AST ya ninka ALT, GGT ma ya hau, likita zai zargi giya. Sai dai sakamako mai kyau ba ya wanke mutum, domin ana samun mai sirosis da waɗannan lambobi kusan daidai.

Abin mamaki, mashayin da ya yi nisa ba ya ƙiba, ramewa yake yi. Hannuwa da cinyoyi su tsotse, ciki kaɗai ya yi gaba, shi ma ruwa ne. Dalili na farko a fili yake: barasa ta ba shi kalori amma ba ta ba shi furotin ko bitamin ba, kuma kuɗin cefane ya tafi mashaya. Na biyu shi ne ko ya ci, abincin ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Barasa tana ƙona fatar cikin tumbi da ta ƙaramin hanji, inda ake tsotse amfanin abinci. Tana kuma lalata fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da mai da nama. In ta lalace, mai yakan wuce ta bayan gida ba a narkar da shi ba, ya tafi da bitamin A da D da E da K. Folet yana ƙaranci, jini ya ragu. Magniziyam da zinki suna zubewa ta fitsari.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne bitamin B1, wato tayamin, da ake samu a wake, gyaɗa, nama da hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba sa iya amfani da sukari sai da shi, kuma ajiyar jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba. Barasa tana tare shi ta ko'ina: tana hana hanji tsotse shi, tana rage ajiyarsa a hanta, tana hana jiki sarrafa wanda ya samu. Farkon alama sau da yawa a ƙafa take, tafin ƙafa na zafi ko ya mutu kamar an saka safa. In ya yi tsanani sai cutar da likitan Jamus Carl Wernicke ya bayyana a 1881 ta auku: ruɗewa, tangaɗi ba tare da an sha ba, da rawar ƙwayar ido ko gani biyu-biyu. Wannan lamarin gaggawa ne, allurar tayamin ake yi a asibiti, kuma in an yi da wuri mutum yana farfaɗowa. In aka yi jinkiri yakan zarce zuwa matakin da ke ɗauke da sunan likitan Rasha Sergei Korsakoff, inda mutum ke kasa riƙe sabon abu. Ka gaishe shi yanzu, ka fita ka dawo, ya sake gaishe ka kamar bai gan ka ba, ya kuma ƙirƙiro labari ya cike gurbin ba da niyyar ƙarya ba. Wannan kam ba kasafai yake warkewa sarai ba. Shi ya sa yake da muhimmanci 'yan uwa su gaya wa likita gaskiya in an kai mashayi asibiti a ruɗe, don a haɗa masa tayamin da ƙarin ruwa mai sukari. Sukari ba tare da shi ba yana iya cinye ɗan abin da ya rage.

Mu koma ga mutuminmu, ya iso gida ya kwanta sha ɗaya da rabi. Zai ce maka giya ce ke sa shi barci, kuma a rabin farko na dare yana da gaskiya, don barasa tana danne ƙwaƙwalwa, barci ya zo da sauri kuma da nauyi. Amma barcin lafiya zagaye yake yi, kowane zagaye wajen minti 90, yana sauyawa tsakanin barci mai zurfi da barcin mafarki, wanda ke da hannu wajen daidaita tunani da yanayin rai. Barasa tana tauye barcin mafarki a farkon dare. Ƙwaƙwalwa kuwa tun da aka danne ta take turjiya, tana ƙara sinadaran farkarwa don ta daidaita. Ka tuna awa shida zuwa bakwai ɗin nan na hanta. Ya fara sha ƙarfe tara, don haka wajen uku zuwa huɗu na asuba barasar ta ƙare a jininsa, abin da ke dannewa ya tafi, turjiyar ta rage ita kaɗai. Sai ya farka da bugun zuciya da gumi, ko ya yi ta mafarkai masu firgitarwa yana juyi. Ga fitsari, domin barasa tana hana fitar sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Ga minshari, saboda naman maƙogwaro ya saki, wanda kuma dama numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci abin ya ƙaru. Ya kwanta awa bakwai ya tashi a gajiye. Cikin 'yan kwanaki jiki kan saba, kwalba biyu ta daina kawo barci da sauri, a nemi ta uku.

To mene ne shan da ake kira mai ƙarancin haɗari? Birtaniya ta sabunta shawararta a 2016: kada namiji ko mace su wuce ma'auni 14 a mako, kowane ma'auni giram 8, a kuma rarraba shi cikin kwana uku ko fiye, da ranakun da ba a sha sam. Giram 112 ke nan, bai kai manyan kwalabe biyar ba a mako guda. Mutuminmu da ba ya ganin kansa mashayi yana shan ninki uku. Ostareliya a 2020 ta ce giram 100 a mako, kuma kada a wuce 40 a rana ɗaya. Rahoton masana a Kanada a 2023 ya sauko ƙasa sosai, ya ce ƙarancin haɗari yana tsayawa ne a kofi biyu a mako, wanda da kaɗan ya fi babbar kwalba ɗaya. Bambancin ba daga jikin mutanen ƙasashen yake ba, daga yawan kasadar da kowane kwamiti ya yarda a ɗauka ne. Birtaniya da Ostareliya sun ja layinsu a inda haɗarin mutuwa sanadin giya a tsawon rayuwa yake wajen mutum ɗaya cikin ɗari.

Saboda haka wannan layi ba izini ba ne, ba kuma kaso ne da ake so mutum ya cika ba. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa giya a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi, rukuni guda da taba. Tana da hannu a dajin baki, maƙogwaro, hanta, babban hanji da nonon mata, kuma haɗarin na nono yana fara hawa tun daga ƙaramin sha. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani adadin da za a ce ba shi da illa. Tsohuwar maganar nan cewa ɗan jan ruwan inabi yana gyara zuciya ta yi rauni ƙwarai, domin an gano cewa a yawancin binciken an cusa waɗanda suka daina sha saboda rashin lafiya cikin rukunin marasa sha, sai masu ɗan sha suka fito kamar sun fi lafiya.

Yadda ake sha ma yana da nasa hukunci. Giram 112 a dare ɗaya ba daidai yake da giram 112 a kwana huɗu ba. A inda shan giya abin kunya ne ko laifi, mai sha yakan nemi mai ƙarfi, mai arha, mai saurin ɓoyuwa, ya kwankwaɗe a tsaye, wanda shi ne salo mafi muni. Giyar da aka dafa a gida kuma tana iya zuwa da metanol, wanda ke makantarwa yana kisa, kamar yadda ya faru a jihohin Ondo da Ribas a 2015 inda gomman mutane suka mutu bayan shan ogogoro. Akwai kuma waɗanda layin bai shafe su ba sam, nasu sifili ne: mai juna biyu, yara, mai kowace irin cutar hanta, mai farfaɗiya, mai gyambon ciki, wanda zai tuƙa mota ko babur, mai shan maganin barci ko taramol, da wanda ya taɓa kasa tsayawa in ya fara.

Ga wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, dainawa farat ɗaya ba tare da likita ba tana da nata haɗari, kuma iyalai da yawa ba su san haka ba sai su kulle mutum a ɗaki. Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe hannu kan fara karkarwa, da gumi da tashin zuciya da fargaba. Cikin kwana biyun farko wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na uku kaɗan daga cikinsu sukan ruɗe gaba ɗaya, su riƙa ganin abubuwan da babu, ga zazzaɓi da bugun zuciya, kuma wannan yana kisa in ba a kula ba. Alamar da ke nuna mutum yana cikin wannan rukuni ita ce karkarwar safe wadda ba ta lafawa sai ya kurɓa. Irinsa asibiti ya kamata a kai shi, a ba shi maganin da ke saukar da ƙwaƙwalwa sannu a hankali tare da tayamin. Babban asibiti yana iya wannan, haka asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato. Bayan an daina, barci yakan ƙara lalacewa na wasu makonni kafin ya daidaita, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa ke komawa, don haka gara a gaya wa mai jinya tun farko ya sa ran hakan.